Na aika wa kamfani wasiƙar neman aiki mai ɗauke da sunan wani kamfanin

Ranar Litinin na aika takardar neman aikin akanta zuwa wani kamfani ta imel, sai bayan saƙon ya tafi na lura cewa wasiƙar da na liƙa wadda na shirya wa wani kamfani ce daban, sunansu da muƙamin da suka tallata suna nan ɓaro-ɓaro a sakin layi na farko. Takardar tarihin karatu da aikina kuwa daidai take.

Na nemi janye saƙon, amma damar da Gmail ke bayarwa ta "Undo Send" ba ta wuce daƙiƙa 30, kuma lokacin ya riga ya wuce. Daga nan na rubuta saƙon neman afuwa, sai ya fito da tsawo, cike da ba da haƙuri, har ya zama kamar yana ƙara fito da kuskuren ne, don haka ban aika ba. Wanda na taƙaita yana cewa: "Ina neman afuwa, wasiƙar da na liƙa a saƙona na baya ba ita ce daidai ba. Ga ta gaskiyar a haɗe, ina roƙon a yi watsi da ta farko." Shi ma na riƙe shi, domin amsar da na samu daga kamfanin ta na'ura ce daga adireshin "no-reply", ga shi kuma za a rufe karɓar takardu ranar Juma'a.

Don Allah, shin in aika wannan gajeren saƙon a matsayin amsa a ƙarƙashin imel ɗina na farko, ko kuwa in sake aika cikakkiyar takarda a sabon saƙo tare da jimla ɗaya ta neman afuwa?