Aikin mako 6 ya koma wata 4: ku da kuke rubuta takardar tayin aiki, yaya kuke tsare kanku?

Maman Nabila: Assalamu alaikum. Bara wani Alhaji mai injin casar shinkafa a wajen Kura ya nemi in rubuta masa tsarin kasuwanci, yana son neman rancen banki. A takardar tayina na rubuta "nazarin kasuwa da tsarin kasuwanci, mako 6, ₦900,000". Iyakar abin ke nan. Littattafan cinikinsa sai a mako na 5 suka zo hannuna, rabinsu a littafin makaranta. Sau biyar na gyara rahoton, daga baya ya ce in raka shi banki, ai "duk aikin ɗaya ne". Har yau da sauran ₦300,000 a wurinsa. Ina so in ji yadda kuke rubuta naku.

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya, a ganina sauƙin kuɗi kika yi. Ni rabi nake karɓa kafin alƙalami, in bai shiga ba, ba na buɗe kwamfuta.

Malam Injiniya: Kafin alƙalami daidai ne, Abban Sadiq, amma ko ta karɓi rabi da sai ta yi wata 4 ɗin nan. Inda ta samu matsala shi ne wa'adi da sharuɗɗa. Ni ma na sha irin wannan kafin in gane. Yanzu ba na rubuta "mako 6" kawai, sai in ce mako 6 daga ranar da kuɗin farko ya shiga kuma aka miƙa mini takardu kaza da kaza. Ina jera su da suna: cinikin wata 12, kuɗin wuta da gas, albashin ma'aikata, rasit ɗin injina. Duk kwanan da suka makara, wa'adina ya matsa da kwana ɗaya.

Abin da zan miƙa kuwa sai wanda za a iya ƙirgawa: daftarin rahoto, jadawalin hasashen kuɗi na shekara 3, zama ɗaya na awa biyu in yi bayani, sai rahoton ƙarshe bayan gyara zagaye biyu. A ƙasa akwai sakin layi da na fi ji da shi, wato abin da ba ya cikin aikin. Raka mutum banki, cike fom ɗin rance, rajistar kamfani, duk nan suke. In yana so, sabon farashi ne.

Kuɗi kuma daga kwana nake fara lissafi. Aiki irin naki zai ci mini kwana 18. A ₦60,000 kowace rana, ₦1,080,000 ke nan. Mota, masauki da masu tattara bayanai layinsu daban, kada su cinye ladana. Biya kashi uku: ₦432,000 a farko, ₦432,000 ranar miƙa daftari, ₦216,000 a ƙarshe. Kin ga ko an riƙe na ƙarshen, kashi 20 cikin 100 ne.

Ummi Zariya: Don Allah Yaya Injiniya, irin wannan ce ake aika wa ƙungiyoyi a samu tallafi? Muna da ƙungiyar mata masu sana'a.

Malam Injiniya: A'a ƙanwata, waccan neman tallafi ce. Wannan ke ce kike sayar da ƙwarewarki ga mai aiki.

Baba Ɗan Haɗeja: Nawa ba takardu ba ne, damina ce. Wata ƙungiya ta ba ni binciken gidaje 300 a ƙauyuka 10, na sa kwana 12 na fita. A watan Agusta ne. Ƙauyuka uku sai da kwalekwale, kuɗinsa daga aljihuna, kuma takardar gabatarwa zuwa ga hakimi da suka ce za su kawo ta ɗauki mako biyu. Tun daga nan nake rubutawa: na ɗauka hanya tana shiguwa, kuma su za su nemo izinin masu gari. In ba haka ba, a zauna a sake lissafi. Sannan ku tambayi akawunsu tun da wuri. An cire mini harajin kashi 5 cikin 100 tun kafin kuɗin ya iso, ni kuwa ban sa shi a lissafi ba. A kuɗin Injiniya ₦54,000 ne zai tafi.

Abban Sadiq: Na yarda da maganar sharuɗɗa. Amma nuna kuɗin rana ban yarda ba. Ɗan kasuwa ya ga ₦60,000 a rana, zai ce ka yi a kwana 10. Dunƙule nake ba su.

Malam Injiniya: Ƙungiyoyi kan nemi a warware musu dalla-dalla. Kuma ranar da aka ƙaro aiki, da wane ma'auni za ka yi farashi?

Maman Nabila: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki maganar gyara zagaye biyu da jerin takardu. Abin da ke damuna, Alhajin abokin mahaifina ne, kuma ya sake kirana kan wani aikin. Akwai wanda ya taɓa miƙa wa babba irin wannan takarda ya ce a sa hannu, ba a ɗauka rashin kunya ba ne?