Kalmar "jingina" ta ɗaure mini kai wajen fassara

Tafinta: Jama'a, an kawo mini takardar hannu in juya ta zuwa Turanci don kotu. Ga abin da ke ciki: "Na jinginar masa da gonata a kan kuɗi kaza, zai noma ta har shekara 3." Na sa kalmar da bankuna ke amfani da ita in mutum ya ba da takardun gida ya karɓi bashi. Lauyan ya dawo mini da ita, ya ce na canza yarjejeniyar. Abin ya dame ni sosai, don gonar marayu ce. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Tsohuwar Magatakarda: Lauyan yana da gaskiya, ɗana. Turanci ya raba jingina gida biyu. A ta banki, yawanci mai gida yana zaune a gidansa, kuma in ya kasa biya ana iya sayar da gidan. A tamu ta gargajiya, gonar ce ke komawa hannun mai kuɗi, ya noma ya ci amfanin, amma ba ta zama tasa, ko magada suna iya fansarta. Kalmar "zai noma ta" ita ce shaidarka. Na ga shari'ar da aka yi wata da watanni ana jayayya a kan irin wannan kuskure. Ka ɗauki kalmar Turanci ta ajiye kaya a hannun mai bin bashi, ka haɗa da "ta al'ada".

Ɗan Aji Uku: Ni a ganina a bar "jingina" da Hausarta kawai, alƙali ai zai gane.

Tsohuwar Magatakarda: In aka ɗaukaka ƙara fa, takardar ta je gaban wanda ba ya jin Hausa? Ka bar ta, amma fassarar ta biyo ta.

Baban Yara: Ni ma na ba ƙanina aron fili ya gina shago, yanzu ya ce kyauta ce. Takardar Turanci za ta fi ƙarfi?

Tafinta: Baba, taka maganar lauya ce, harshen takarda ba ya mayar da aro kyauta. Hajiya, saura "har shekara 3". Mai gona ya ce bayan shekara 3 gona ta dawo, amfanin ya biya bashin. Mai kuɗi ya ce kafin shekara 3 ba fansa, bayan nan sai an biya shi.

Tsohuwar Magatakarda: Kada ka zaɓa musu. Ka fassara ta da harshen damon da take da shi, ka rubuta a ƙasa cewa jimlar tana ɗaukar ma'ana biyu, ka sa hannu.

Ɗan Aji Uku: To in lauyan da ya ba da aikin ya ce a cire bayanin ƙasan?

Tafinta: Abin da ya ce mini ke nan ɗazu. Ban cire ba tukuna.