Kaluluwa a wuyan ƙanena ta ƙi sacewa, ina za mu dosa?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ɗan shekara 19 ne kaluluwa ta fito masa a gefen wuya, an doshi wata biyu. Da farko ɗaya ce kamar ƙwayar gyaɗa, yanzu sun zama uku a manne da juna. Ya sha Ampiclox daga kemis, shiru. Gwaggonmu ta ce a kai shi wanzami ya yi sakiya.

Kawu Direba: Hangum ne wannan. A shafa shuni, sati ɗaya ya wuce.

Anti Nas: Kawu, hangum a gaban kunne da muƙamuƙi yake kumbura, kuma ba ya kai wata biyu. Maman Ilham, kaluluwar da ciwon maƙogwaro, ruɓaɓɓen haƙori ko ƙurajen kai suka tayar tana da zafi in an taɓa, tana motsi ƙarƙashin yatsa, cikin sati biyu zuwa uku ta fara sacewa. Tasa tana ciwo? Yana zufa da dare? Ya rame?

Maman Ilham: Ciwon kaɗan ne, Anti. Zufa kam har riga take jiƙewa, wandonsa ma ya yi masa yawa. Amma fa ba ya tari.

Ɗan Baba: To ai ba tibi ba ne tunda babu tari. A canza masa Cipro.

Anti Nas: Nan mutane ke ruɗewa. Tibi na kama kaluluwar wuya huhu na lafiya ƙalau. Cipro kuwa kada a kuskura, takan ɗan danne ƙwayar tibi, a ga kamar an samu sauƙi, gwaji kuma ya rikice. Sakiya ma a bar ta, in an huda irin wannan sai ta zama gyambo mai tsiyayar ruwa wata da watanni. Ku je babban asibiti. Za a zuƙi ruwan ciki da allura a yi gwajin GeneXpert mai gano ƙwayar tibi, a ɗauki hoton ƙirji, a duba HIV. In tibi ne, maganin kyauta ne a cibiyar DOTS da ke kula da masu tibi, wata 6: wata 2 na farko magani iri huɗu, sauran wata 4 iri biyu. In allurar ba ta nuna komai ba, a ciro guda a duba, don sankarar kaluluwa ma haka take kawo zufa da rama.

Hajiya Babba: Ɗiyata ta sha maganin tibin nan. Fitsarinta ya koma ja-ja, aka ce maganin ne. Abin da ya tsorata mu, a wata na biyu kumburin ya ƙaru. Likita ya duba ya ce yakan yi haka, kada a daina sha.

Amaryar Malam: Ni tawa a hammata take, bayan na yi aski. Ita ma tibin ce?

Anti Nas: Amarya, in ta yi ja tana zugi, galibi maruru ne, ki riƙa gasawa da tsumma mai ɗumi. Amma in tana da tauri, ba ciwo, ba ta motsi, ki je a duba ta haɗe da nonon wannan ɓangaren.

Maman Ilham: Na gode. Matsalar yanzu Gwaggo ce, ta riga ta yi wa wanzami magana.