Shi yana Jidda, ni ina Kano

Maman Hanifa:
Salamu alaikum, dan Allah mai amsawa ya amsa da waƙa.

Maigidana na Jidda yana tuƙi,
shekara biyu ke nan bai dawo ba.
In na kira shi yana bisa titi,
in ya kira da safe ban farka ba.
Kuɗi na zuwa, hira ta mutu,
ni dai ban san ta inda zan kama ba.

Direban Sharafiyya:
'Yar uwa sana'armu ɗaya da shi,
direban gida bai da lokacin kansa.
Awa biyu muka riga ku a agogo,
huɗun asubarki ita ce shidansa.
Da dare madam za ta biki ko kasuwa,
shi yana mota yana gadin wayarsa.
Sha ɗayan nan tara ce a Kano,
nan ne za ki same shi da natsuwarsa.
Sai safiyar Juma'a gari na barci,
takwas ɗinki, goma a wajensa.

Kuma ki daina dogara da kiran WhatsApp, a nan ba kullum yake shiga ba, mu dai IMO muka fi yi, sannan ki yi cajin waya tun da rana kar a ɗauke wuta lokacin ya wuce a banza.

Ɗan Fagge:
Hajiya ki gode Allah kawai,
wanda ke turo riyal ai bai manta ba.
A canzo a Wapa a cika tukunya,
soyayya ba ta taɓa biyan haya ba.

Anti Ladi:
Ɗan Fagge tsaya, kuɗin ta hannun wa?
Nawa ta hannun yayansa yake biyowa.
Na cefane sai na aika sau uku,
in na faɗa a ce ina haɗa 'yan uwa.
Da muka raba, na Hajiya daban,
nawa a akawun ɗina yake faɗowa,
ranar muka fara hira ta gaske,
da can duk kira lissafi ne da tuhumawa.

Maman Hanifa ki riƙa masa voice kullum ko na minti ɗaya ne, ba na matsala ba, Hanifa ta yi famfara, an kai ta izu biyu, akuyar maƙota ta shigo ta cinye zogale, irin wannan, in ya tsaya ƙofar makaranta jiran yaran mutane sai ya saurari nasa. Maganar kuɗi ki ware mata ranarta daban.

Yarima Single:
Ni fa ina ganin ya yi amarya,
namiji in ya yi shiru da dalili.

Anti Ladi:
Yaro je ka yi auren fari tukuna,
ka bar zuba wa gidan mutane fetur a fili.

Malam Na Bayan Sahu:
Sayyidina Umar ya sa wa mayaƙa iyaka,
'yan watanni ne, ba shekaru ba.
Haƙƙinki ne ki ce ya dawo gida,
ci da sha kaɗai ba su ne aure ba.

Direban Sharafiyya:
Malam gaskiya ne, sai dai da saura,
dawowar ba a hannunsa kaɗai take ba.
Sai kafili ya buga bizar fita da dawowa, huruj wa auda,
ba ta fita in iƙama ba ta da rai ba.
In ya bar gidan an rubuta masa hurub, wato ya gudu,
ana iya koro shi ta tarhil, kuma ba lallai ya koma ba.
Da yawa kunya ce ke sa su shiru,
ba wai son gida ne babu ba.

To ki tambaye shi a hankali ba da faɗa ba, iƙamarka da rai? yaushe za ta ƙare? har yanzu kana gidan wanda ya kawo ka? In takardunsa lafiya, mai aikin gida da ya cika shekara biyu yana da hutun wata ɗaya, sai ku tsayar da wata ku fara tara na tsaraba. In kin ji yana kwana-kwana yana canza zance to akwai matsalar takarda, kuma gara ki sani yanzu.

Maman Hanifa:
Na kira jiya tara daidai ya ɗauka,
mun yi awa guda, har Hanifa ta yi masa hadda.
Iƙama ya ce da ranta, na ga hoto,
kafilin ne ya ce sai bayan Hajji zai yarda.
Bara ma haka ya ce mana wlh,
Direba, ana kai ƙarar irin wannan a Jidda?