Neman kalma: me za mu kira endofilazmik retikulum iri biyu?

Malamar Bayoloji: Jama'a, a taimaka. 'Yan ajina na shirin WAEC, kullum sai sun haɗa aikin retikulum biyun nan na cikin ƙwayar halitta. Asalin kalmar a Latin ƙaramar raga take nufi, shi ya sa nake cewa "ragar ciki mai kaushi" da "ragar ciki mai santsi". Sun zauna?

Ɗalibin Noma: Malama, ba sashen tumbin saniya ba ne, mai kamar saƙar zuma?

Malamar Bayoloji: Suna ne ya zo ɗaya, ɗana. Wannan sai da madubin ilektiron ake ganinta sosai.

Tsohon Malami: Malama, santsi ya zauna, kaushi ne ban gamsu da shi ba. Yaro zai riƙe kaushi ya manta dalilinsa, alhali makin yana wurin dalilin: raibosom ne manne a bayanta kamar riɗi a kan burodi. Ni "raga mai riɗi" nake cewa. Riɗin nan ne ke ƙera furotin yana zura shi cikin ragar, a can a naɗe shi, a liƙa masa sukari, a ƙunshe a 'yan jakunkuna zuwa Golgi, sashen da ke tantancewa da rarraba kaya a ƙwaya, daga nan ya fita waje. Shi ya sa ta cika ƙwayoyin fankiriyas masu fitar da sinadaran narkar da abinci. Siffa ma maki ce: mai riɗi falle-falle take kamar ninkin zane, haɗe da fatar nukiliyas, mai santsi kuwa bututu-bututu.

Ɗaliba: Baba Malam, ke nan duk furotin daga mai riɗi yake, mai santsi kuma kitse kawai?

Tsohon Malami: Kin samu rabi, 'yata. Furotin da zai zauna a ruwan ƙwayar, raibosom masu yawo ne ke yin sa. Na mai riɗi shi ne na fitarwa da na fatar ƙwaya.

Ma'aikaciyar Jinya: Kuma mai santsi ta wuce kitse. Ita ke haɗa homon irin su testosteron, tana ajiye kalsiyam a tsoka ta sake shi in za a motsa, a hanta kuma tana warware guba da magunguna. Mai shan fenobabiton ya daɗe, ragar hantarsa mai santsi ƙaruwa take, har wasu magungunan su riƙa saurin fita daga jikinsa.

Malamar Bayoloji: Madalla. A jarrabawa kuwa a riƙa jera su gaba da gaba: raibosom da rashinsa, falle da bututu, furotin da kitse. Wanda ya sa siffar ɗaya a kan aikin ɗayar ya zubar da maki. Riɗin ya burge ni, amma ina tsoron yara su ɗauka wasa ne.

Ɗaliba: Malama, ni dai "raga" ce ke sa ni ganin ramuka, ga shi an ce falle-falle take. Ba a ce "ninki" ba?