Neman shawara kan takardar neman tallafin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar asibiti ce a wani ƙauye na jihar Maraɗi, kuma masu ba da tallafin sun buƙaci shafi ɗaya kan dalilina na neman wannan karatu. Na fara da cewa tun ina ƙarama nake son taimakon marasa lafiya, amma na ji rubutun bai yi nauyi ba. Me ya kamata in sa a gaba?

Majo mai ritaya: Wa alaikumus salam. Ƴata, ki cire wannan jimla, domin kusan kowa da ita yake farawa. Masu tantancewa suna son su ga kin fara duban jama'ar yanki gaba ɗaya, saboda haka ki ɗauki matsala guda daga rajistarki. Ga misali: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 a damina. Kashin ranar farko a gaban mai rabo ake sha, amma na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa a gida, ba wanda yake gani. Idan rahotonki ya nuna an kai wa yara fiye da kashi 100 cikin 100, alhali a watan Satumba gadajenki cike suke, to ga tambayar da za ki gina takardar a kanta: shin adadin yaran da ake hasashe daga ƙidayar 2012 ne ya yi kaɗan, ko yaran ƙetaren iyaka ne suka shiga lissafi, ko kuwa sauran ƙwayoyin suna nan ƙulle a bakin zane? Ki faɗa a fili cewa ba ki da ilimin binciken da zai bambance waɗannan ukun, sannan ki ambaci darussan kwas ɗin da za su ba ki shi, da inda za ki koma aiki.

Wani ɗalibi: Yaya, ki cika ta da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, domin lamba suke so.

Majo mai ritaya: Lamba kam suna so, amma waɗancan suna da su a ofis. Biyu daga rajistarta sun isa, muddin ta faɗi cikin yara nawa ne kuma a wane wata, ba tare da sunan majinyaci ba.

Wata ungozoma: Ni matsalata ta zo bayan an zaɓe ni, saboda izinin tafiya karatu bai fito kan lokaci ba. Ƴar'uwa, ki fara bin takardar izinin tun yanzu. Sai dai ban yarda a cire labarin mutum ɗungurungum ba, domin tawa da labarin wata mai naƙuda ta fara.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Shin sai likitan gundumarmu ya amince kafin in yi amfani da alƙaluman rajistar?