Farashi ya tashi amma ciniki kaɗan ne: wa ya taɓa faɗa wa wannan?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Wani abu ya same ni makon jiya, ina so in ji ko ya taɓa samun wani. Akwai wani ƙaramin kuɗin kirifto da na yi mako uku ina bibiya. Duk lokacin da ya taɓo dala 0.50 sai ya dawo ƙasa, har sau huɗu. Ranar Asabar cikin dare sai na ga kyandir na awa huɗu, wato alamar da ke nuna motsin farashi na awa huɗu a allo, ya rufe a 0.54. Na ce shi ke nan, ya fasa rufin. Na saya na dala 600 a kan 0.545, na samu guda 1,100. Kafin la'asar ɗin Litinin ya koma 0.47, na sayar na karɓi dala 517. Sai daga baya na lura sandar `Volume`, mai nuna yawan ciniki, da ke ƙarƙashin wancan kyandir ɗin 'yar guntuwa ce: cinikin dala 90,000 ne kacal, alhali kyandirori 20 na baya suna yin kusan 400,000 kowanne. Abin da ban gane ba, ta yaya ciniki kaɗan zai ɗaga farashi haka? Na ɗauka sai an yi rububi farashi ke tashi.

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Ni ma sai da na yi irin wannan asara sau biyu kafin na koyi buɗe `Order Book`, wato jerin masu sayarwa da masu tayi da farashinsu, kuma amsar tambayarka tana can.

Farashin da kake gani a allo farashin cinikin ƙarshe ne kawai. Ba ya faɗa maka mutum nawa suka yarda da shi. A ce a daren nan masu sayarwa da suka jera kayansu su ne: guda 20,000 a 0.505, guda 15,000 a 0.52, guda 10,000 a 0.54. Mutum ɗaya ya zo ya ce a ba shi guda 45,000 ko nawa ne. Zai kwashe layin farko da dala 10,100, na biyu da 7,800, na uku da 5,400. Jimla 23,300. Da wannan kuɗin shi kaɗai ya kai farashi daga 0.50 zuwa 0.54, ƙarin kashi 8 cikin ɗari. Ba rububi aka yi ba, masu sayarwa ne ba sa nan.

To ranar Talata da rana fa? Wataƙila a 0.505 kaɗai ka tarar da guda 300,000 suna jira. Wanda zai wuce wannan layin sai ya zuba sama da dala 150,000, kuma da wuya ya zama mutum ɗaya ne. Idan farashi ya fasa 0.50 a irin wannan rana, sandar ciniki ta yi tsawo, ma'anarsa mutanen da suka sayar sau huɗu a wurin an cinye kayansu, sun ƙare. A naka daren ba a cinye su ba. Barci suke. Da suka farka suka ga 0.54, farashin da suka yi mako uku suna nema har da ƙari, sai suka sauke kaya, kuma babu masu tayi a ƙasa da za su tare.

Abin da nake yi yanzu, a manhajar duba farashi ta TradingView ina kunna layin matsakaici a kan `Volume`, na kyandir 20 na baya. Idan kyandir ya fasa rufi, ina so sandarsa ta kai aƙalla ninki ɗaya da rabi na layin. In ba ta kai ba, ina jira ya dawo ya taɓa tsohon rufin in ga ko zai tsaya. Ninki ɗaya da rabin nan ma'aunina ne, ba doka ba.

Alhaji na Dawanau:
Ni ban san kirifto ba, ɗana ne ya nuna min wannan magana, amma abin da Malam Sabo ya faɗa mun san shi a hatsi. Wata rana da damina, ana ruwa tun asuba, motoci ba su shigo ba. Wani baƙo da ke gaggawar cika mota ya sayi buhun masara goma sha biyu da ƙarin dubu uku a kowane buhu. Kafin azahar labari ya zaga cewa masara ta tashi. Wani maƙwabcina aka taya masa buhu ɗari biyu a tsohon farashi, ya ce albarka. Kwana biyu da aka sauke kaya daga ƙauyuka, farashin da ya ƙi ma bai samu ba. Shi ya sa idan yaro ya zo min da cewa kaya sun tashi, tambayata ta farko: buhu nawa aka sallama a haka? In tirela biyar aka loda a sabon farashi, na yarda. Buhu goma sha biyu kam, bukatar mutum ɗaya ce.

Abba Zariya:
Ni fa a manhajar ciniki ta MT5 kullum 0.01 nake sakawa a `Volume` saboda jarina kaɗan ne. Kenan shi ya sa cinikina ba ya tafiya daidai? In ƙara zuwa 0.10?

Malam Sabo:
A'a ƙanena, kar ka ƙara, zai ninka asararka sau goma ne kawai. Wancan akwatin girman cinikinka ne kai kaɗai. Mu muna maganar jimlar abin da kasuwa duka ta saya ta sayar. Kuma tunda canjin kuɗi kake yi, ka sani sandunan da MT5 ke nuna maka yawanci `Tick volume` ne, wato sau nawa farashi ya motsa a wurin dillalinka, ba adadin kuɗin da ya sauya hannu ba, don kasuwar canji ba ta da wuri guda da ake tara lissafi. Yana nuna lokacin da kasuwa ke da rai da lokacin da ta yi sanyi, amma kar ka ɗora masa nauyin da ya fi haka.

Maman Ilham:
Nawa a hannun jari ne, a kasuwar NGX ta Legas, kuma ciwon ya zo ne wajen fita. Ina da hannun jari 250,000 na wani ƙaramin kamfani, na saya a naira 3. Ya daɗe a kwance, sai kawai ya fara tashi kashi 10 kullum, wanda shi ne iyakar abin da ake bari a rana. Ya je 3.30, ya je 3.63, ya je 3.99. A manhajar dillalina kuɗina ya tashi daga 750,000 zuwa 997,500, har na fara lissafin kuɗin makarantar yara da shi.

Rana ta huɗu na sa a sayar. Masu tayi gaba ɗaya ba su wuce guda 15,000 ba, masu son sayarwa kuwa mun yi layi. Sai a lokacin na koma na duba, ashe a kwana ukun nan cinikin kowace rana bai wuce guda 120,000 zuwa 150,000 ba. Dillalin ya yi min bayani cewa a ƙa'idar da aka kawo a 2019, sai ciniki ya kai guda 100,000 yake iya sauya farashin da ake bugawa. A hannun jarin naira 3, wannan kuɗin naira 300,000 ne. Ku duba fa, abin da nake riƙe da shi ni kaɗai ya kusa ninka cinikin yini guda. Sai da na yi kwana takwas ina sayarwa kaɗan-kaɗan, na tashi da kusan 3.20. Ban yi asara ba, alhamdu lillahi, amma ribar da na gani a allo ba ta taɓa zama tawa ba. Yanzu kafin in sayi komai ina raba abin da zan saya da cinikin yini, in ga kwana nawa zan yi kafin in fita.

Nura Kofar Ruwa:
Abin mai sauƙi ne ai. Doguwar sanda koriya na nufin masu saye sun fi masu sayarwa yawa, sai ka shiga. Ni da haka nake yi kuma ina samu.

Malam Sabo:
Nura, ka kama rabi. Duk guda ɗaya da aka saya, wani ne ya sayar, don haka adadin biyun daidai suke kullum. Launin sandar yana bin yadda farashi ya rufe ne, sama ko ƙasa. Abin da tsawonta ke faɗa shi ne an yi ciniki da yawa, sai ka duba me cinikin ya haifar. Na taɓa shiga bayan kwana tara ana hawa, ranar da sanda ta ninka matsakaici sau huɗu. Ban kula ba kyandir ɗin ƙaramin jiki ne da doguwar wutsiya a sama, wato farashi ya hau sosai sannan ya dawo kusa da inda ya fara. Kuɗi mai yawa ya shigo amma farashi ya kasa gaba, wato manya ne ke sauke wa irinmu kaya. Doguwar sanda a bakin rufi bayan an daɗe a kwance daban, doguwar sanda bayan an gaji da hawa daban.

Nura Kofar Ruwa:
Na ji wannan. Amma ni ma ina da ja a kan lissafin Baban Khalifa. Kyandir 20 na awa huɗu kwana uku ne da 'yan awoyi, kenan ya gwada daren Asabar da ranakun aiki. Ƙarshen mako kullum ciniki ƙasa yake. In haka ne duk motsin Asabar ƙarya ne? Na sha ganin an tashi ranar Lahadi ba ciniki, Litinin kuma a ɗora a kai.

Malam Sabo:
Gaskiyarka, yana faruwa, kuma na rasa irinsu da dama saboda jira. Ban ce ƙarya ba ne, na ce ba a gwada shi ba tukuna. Wasu suna gwada Asabar da Asabar huɗu na baya. Ni na fi son in bari Litinin ta yanke hukunci, ko da zan saya da tsada kaɗan.

Injiniya Hadiza:
Ƙari ɗaya a kan kirifto. Lambar cinikin ma kanta ana iya ƙirƙirar ta, mutum ya riƙa saya yana sayar wa kansa. A 2019 kamfanin Bitwise ya gabatar wa hukumar SEC ta Amurka bincike cewa kusan kashi 95 cikin ɗari na cinikin Bitcoin da ake bayar da rahoto a lokacin ba na gaske ba ne. Na taɓa ganin wani kuɗi a wata ƙaramar kasuwa yana nuna cinikin dala miliyan biyu a yini, amma da na gwada sayar da na dala 300 sai farashi ya zame kusan kashi 3. Da na kalli jerin cinikin, adadi iri ɗaya ne ke maimaituwa duk bayan 'yan daƙiƙu, dare da rana. In sanda doguwa ce amma layin masu tayi siriri, na fi yarda da layin.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Na koma na duba, Asabar huɗu na baya a wannan lokacin suna yin tsakanin 110,000 da 140,000, kenan ko da ma'aunin Nura 90,000 ɗin ya gaza. Yau kuɗin yana 0.49, ya sake matsowa kusa da rufin. Malam, in ya fasa da rana kuma sanda ta kai ninki ɗaya da rabi, a kyandir na awa huɗu zan duba ko in jira na yini ya rufe?

Malam Sabo:
Rufin mako uku ne, don haka ni na yini zan jira. Nura na san zai ce awa huɗu ya isa.

Nura Kofar Ruwa:
Awa huɗu, amma da rabin kuɗin. Sauran sai na yini ya rufe a sama da 0.50.